Kalsiyam kabonet da kalsiyam sitiret: dalilin da ya sa ɗaya ke jiran asid ɗin ciki

"Salamu alaikum 'yan uwa. Innata tana shan omefirazol kullum saboda gyambon ciki, kuma likita ya rubuta mata kalsiyam don ƙashi. Na je kemis a nan Sakkwato, aka nuna min iri biyu, kabonet mai sauƙin kuɗi da sitiret mai tsada. Mai kemis ya ce na farkon sai da abinci, na biyun ko yaushe. Mi ya sa haka, kuma wanne ya dace da ita?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Mai kemis ya faɗa miki gaskiya, kuma dalilin yana cikin yadda kowannensu ke narkewa. Hanji ba ya tsotse kalsiyam yana ƙwaya ko gari. Dole sai ya narke ya bi ruwa tukuna, sannan bangon ƙaramin hanji ya ja shi zuwa jini. Abin da bai narke ba, wucewa yake yi ya fita a bayan gida, ko nawa aka saye shi.

Kalsiyam kabonet shi ne CaCO3, wato sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Ruwa bai cika yi masa komai ba. Lita 1 ta ruwa ba ta narkar da fiye da wajen miligiram 14. Ƙwayar da aka fi sayarwa tana da nauyin miligiram 1250, to in ruwa kaɗai za a dogara da shi, sai an tanadi kusan lita 90 kafin ƙwaya guda ta narke. Kofin ruwan da Inna za ta kora maganin da shi, aikinsa kai ƙwayar ciki ne kawai.

Asid ɗin tumbi, wato HCl, shi ke yin sauran aikin, kuma ba jiƙa ƙwayar yake yi ba, wargaza ta yake yi:

CaCO3 + 2HCl → CaCl2 + H2O + CO2

Asid ya kama ɓangaren kabonet ya mayar da shi ruwa da iska. Iskar ta tashi ta fita, shi ya sa wasu ke yin gyatsa bayan sun sha. Da yake iskar ta riga ta tafi, kalsiyam ɗin ba shi da abokin da zai koma ya manne wa, sai ya zauna cikin ruwa a matsayin CaCl2, wanda yake narkewa nan take. Amma ki lura da cewa aikin yana cinye asid ɗin. Duk lokacin da wani yanki na ƙwayar ya narke, tsamin cikin ya ragu, har ma ana amfani da kalsiyam kabonet a matsayin maganin ƙwannafi. Idan tumbi yana ci gaba da zubo sabon asid, ƙwayar za ta ƙare. Idan asid ɗin kaɗan ne, narkewa sai ta tsaya a tsakiya.

Kina iya ganin wannan da idonki a kicin. Ki wanke ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka shi ya yi laushi, ki raba cikin kofi biyu. Ki zuba ruwa a ɗaya, garin zai kwanta a ƙasa har gobe. Ki matse lemon tsami a ɗayan, za ki ga kumfa na tasowa, ki ji yana tsuwa a hankali. Abin da ya samu a kofi na biyun shi ne kalsiyam sitiret, domin tsamin lemon shi ne asid ɗin sitirik. Kusan haka masana'anta ke haɗa shi, da tsabtataccen kabonet da asid ɗin sitirik. Ke nan wanda ya sayi sitiret ya sayi kalsiyam da aka riga aka yi wa aikin asid tun kafin ya shiga kwalba. Ba na cewa a riƙa haɗa wa Inna magani a gida ba, don ba za ki san yawan abin da take sha ba, kuma ɓawon ƙwai yana ɗaukar ƙwayoyin cuta. Na kawo shi ne don a gani.

Shi ma sitiret ba kamar gishirin miya yake narkewa ba, amma lita 1 ta ruwa tana ɗaukar kusan giram 1 nasa, ya ninka kabonet sau da yawa ke nan ba tare da asid ba. Yana da wata fa'ida ta biyu da ba a cika ambata ba. Abin da ya bar tumbi yana shiga ƙaramin hanji ne, inda jiki ke kashe tsamin. A nan kalsiyam da ya narke yana iya sake daskarewa in ya haɗu da wasu sinadaran abinci. Sitiret yana riƙe da kalsiyam ɗin riƙo maras tsanani, ya hana shi daskarewa, kuma ya sake shi idan hanji ya zo ɗauka. Asid yana ƙara masa saurin narkewa shi ma, sai dai in babu, ba ya tsayawa.

Yanzu mu zo kan Inna. Ana auna tsami da ma'aunin pH, ƙaramar lamba na nufin tsami mai ƙarfi. Tumbin mai lafiya da bai ci abinci ba yana wajen 1 zuwa 2. Omefirazol aikinsa rufe famfon da ke zubo asid, yakan kai lambar sama da 4 na sa'o'i masu yawa a yini. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin ninki 10 ne, to daga 2 zuwa 5 tsamin ya ragu sau 1000. Wannan alheri ne ga gyambonta, amma ya rage wa kabonet abin da yake dogara da shi. Ga kuma shekaru: tsofaffi da yawa tumbinsu yana rage fitar da asid ko da ba sa shan komai.

A 1985 wani likita a Amurka, Robert Recker, ya auna wannan kai tsaye a jikin mutanen da tumbinsu ba ya fitar da asid. Da suka sha kabonet cikinsu babu abinci, wajen kashi 4 cikin 100 kawai jikinsu ya tsotse. Da suka sha sitiret, wajen kashi 45. Masu lafiyayyen tumbi kuwa, iri biyun sun zo kusan daidai, kashi 22 zuwa 24. Abin da na fi so mutane su riƙe daga aikin nasa shi ne na ƙarshe: da waɗannan marasa asid ɗin suka sha kabonet tare da karin kumallo, tsotsewar ta dawo daidai. Abinci yana sa tumbi ya zubo ɗan asid ɗin da zai iya, yana tsayar da maganin ya daɗe a ciki ana cakuɗa shi, ya kuma sake shi zuwa hanji kaɗan-kaɗan. Saboda haka kabonet bai zama banza ga Inna ba. Sharaɗinsa ne ya yi tsauri.

Inda kabonet ya fi shi ne wajen yawa. Kashi 40 na nauyinsa kalsiyam ne zalla, na sitiret kashi 21. A ce likita ya rubuta wa Inna miligiram 1000 a yini. Da kabonet, ƙwaya mai miligiram 1250 tana ba da 500, ƙwaya biyu sun wadatar, ɗaya a tsakiyar abincin rana, ɗaya a tsakiyar tuwon dare. Da sitiret, ƙwaya mai miligiram 950 tana ba da 200 ne kawai, sai ta sha biyar, biyu da safe, biyu da rana, ɗaya da dare. Ga tsadar kwalba, ga saurin ƙarewa. Nan ne masu saye ke yawan ruɗewa, su ga babbar lamba a gaban kwali su ɗauka duk kalsiyam ne. Ki ce mai kemis ya nuna miki lambar kalsiyam zalla da ke cikin ƙwaya ɗaya, ita ake lissafi da ita. Kuma kowanne ta zaɓa, kada ta haɗa na yini duka ta sha lokaci guda, domin hanji ya fi iya ɗaukar miligiram 500 ko ƙasa da haka a zama ɗaya.

To wanne? A ganina amsar tana ga yadda Inna ke cin abinci, kuma ke kika fi kowa sanin wannan. Idan tana zama ta ci tuwo ko shinkafa sosai sau biyu a rana, kabonet a tsakiyar cin zai yi mata aiki, kuɗinki kuma ya huta. Kofin shayi ko ɗan kurɓin kunu ba su ne abincin da ake nufi ba. Idan kuwa irin tsofaffin nan ce da ake lallashi kafin su kai loma biyu, ko tana yawan azumin Litinin da Alhamis, ko kuma ta saba watsa duk magungunanta baki ɗaya da asuba tare da omefirazol, ni zan ce a daure a saya mata sitiret. Wannan al'ada ta ƙarshe ita ta fi damuna, domin omefirazol kafin karin kumallo ake shan sa, kuma kabonet ɗin da ya bi shi a lokacin ya faɗa ne cikin tumbin da babu abinci, asid ɗinsa kuma kaɗan.

Abin da ke sa wannan kuskuren ya daɗe shi ne ba a jin sa a jiki. Ko an auna kalsiyam na jini yakan fito daidai, saboda jiki yana zaro shi daga ƙashi ya cike giɓin. Abin da za ki iya lura da shi a gida shi ne kumburin ciki, yawan gyatsa da taurin bayan gida, waɗanda kabonet ya fi kawowa. In sun dame ta, wannan ma dalili ne na komawa sitiret. Idan kina shakkar ingancin ƙwayar kabonet, ki jefa ɗaya cikin rabin kofin binega ki riƙa ɗan juyawa. Ta kirki takan wargaje cikin minti 30. Wadda ta zauna daram kamar tsakuwa, a sauya kamfani.

Sitiret yana da nasa hatsarin. Yana ƙara wa hanji tsotsar alminiyam, kuma da yawa daga farin ruwan maganin ƙwannafi da masu gyambon ciki ke sha akwai alminiyam a ciki. Ga mai ciwon ƙoda wannan haɗin yana da illa, don ƙodar ba ta iya fitar da shi. Idan Inna na da matsalar ƙoda, ko tana shan irin wannan ruwan a kai a kai, ki gaya wa likitanta kafin a sauya. Duka iri biyun kuma suna tare wa maganin ƙarin jini hanya, haka sifirofuloksasin da tetirasaikilin, sai a raba lokacin shansu da sa'o'i. In tana shan lebotairoksin na maƙoƙo, tazarar sa'a 4 ake so. Ki tafi da duk magungunanta cikin leda ɗaya ranar ganin likita, ya tsara mata lokacin kowanne, ki kuma tambaye shi ko kalsiyam ɗin da ya rubuta yana haɗe da bitamin D, domin sai da shi hanji ke ɗaukar kalsiyam yadda ya kamata ko da ya narke.