Abokin tarayya bai biya haraji ba: a biya duka ko rabo kawai?

A ce takardar haraji ta iso da sunan kamfanin mutum biyu, ana bin su dubu 800, rabo rabi da rabi. Ɗaya ya tanadi dubu 400, ɗayan kuwa shiru.

Mai kuɗin yana iya biyan rabonsa ya tsaya. Matsalar ita ce, idan bashin na haɗin gwiwa ne, yarjejeniyar rabon tsakaninsu kawai take aiki. Hukuma na iya bin kowannensu ragowar, tara da kuɗin jinkiri kuma suna hawa. Biyan rabo kawai ya dace ne idan harajin na ribar da kowa ya samu ne, domin wannan yana wuyan mai shi. A duba sunan da lambar harajin da ke kan takardar.

Ko kuma ya biya dubu 800 ɗin kafin wa'adi. Tara ba za ta hau ba, amma abokin ya zama wanda ake bi, kuma idan ya karye kuɗin sun tafi. Kafin biya a aika masa buƙata a rubuce, a ajiye rasit, akanta ya rubuta dubu 400 bashi a kansa, a cire daga ribarsa. In ana ja da adadin, a shigar da ƙorafi cikin wa'adin.