Shamfun amosani ya yi min abin da haɗin kuraje ya kasa

Ba kasafai nake zama in rubuta ra'ayina kan kayan shafa ba, amma wannan karon haushin ya ƙi barin raina. Zan yi magana ne kan abu biyu: haɗin maganin kurajen fuska da na saya wajen wata mai sayar da kayan gyaran jiki, wanda ba zan kama sunanta ba, da kuma shamfun ketokonazol mai kashi 2 cikin ɗari da na ƙare a kansa.

Kurajen sun fara fito min ne a watan Maris, lokacin da zafin Kano ya kankama. A goshi suka fara, daidai inda bakin hijabi yake zama, daga nan suka sauko gefen fuska, suka bazu a ƙirji da gadon baya. Ƙanana ne mitsi-mitsi, kowanne bai wuce ƙwayar gero ba, kuma abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne dukkansu girmansu ɗaya, kamar an auna. Babu ƙaton nan mai zafi da yake nuna ya yi ruwa, babu masu baƙin baki da ake matsewa abu ya fito. Sai dai ƙaiƙayi. Da zarar na yi gumi, ko na tsaya a kicin gaban wuta, sai in ji kamar ana min tafiyar kiyashi a goshi. Da farko na ce kurajen zafi ne, na yi ta barbaɗa hoda. Da suka wuce wata ɗaya suna nan daram, sai na ce to finfus ne suka dawo min da girmana.

Haɗin da na saya sabulu ne, da wani mai a 'yar kwalba, da kirim na dare wanda babu rubutun komai a jikin robarsa. Kun san kuɗin irin waɗannan haɗe-haɗen yanzu, ba sai na tayar wa kaina da hankali ba. Mai kayan ta ce man haɗin man zaitun ne da man kwakwa da man kaɗanya, duk na gargajiya, ba sinadari. Ta ƙara da cewa in je kemis in sayi doksisaikilin in riƙa sha safe da yamma, wai don ya kashe abin daga ciki. Na bi umarni tsaf.

Gaskiya makon farko na yabe ta har wajen ƙawaye. Ƙaiƙayin ya kwanta, jan ya ragu, fuskar ta yi wani haske. Sai a mako na uku abin ya juya. Kurajen da suke goshi da gefen fuska suka cika kumatu har haɓa, bayana kuwa in na shafa sai in ji kamar tabarma. Na tura mata hoto, ta ce: "Kar ki damu 'yar'uwa, dattin ne yake fita, ki ninka man da daddare." Ni kuma da yake saura kwana 10 bikin ƙanwata, na ninka. Ranar kamu na tashi da fuskar da ko mai kwalliya sai da ta yi shiru ta dube ni, ta ce Anti wannan in na ɗora hoda mai nauyi kowane ƙurji sai ya fito a hoto. Haka aka yi kuwa. Duk hotunan bikin nan ina can baya na ja mayafi, kuma ina cikin taro ina satar susa ta ƙarƙashin gyale kamar mai ƙazwa. Yayata har ta ja ni gefe ta ce ko ƙyanda ce ta kama ni da tsufana. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Bayan biki na je asibiti wajen likitar fata. Ba ta fi minti biyu tana dubawa ba ta tambaye ni abu uku: suna ƙaiƙayi? Kina da amosanin kai? Kin sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan? Duka na ce e. Ta ɗan kankari saman wasu kurajen, aka ɗiga wa abin da ta kankaro wani ruwa aka duba a madubin likita, sannan ta ce: "Malama, wannan ba finfus ba ne, kin yi makonni kina ciyar da abin da yake damun ki."

Bayanin da ta yi min shi ne abin da ya fi komai amfani a wannan wahalar. Akwai wani nau'in yis mai suna Malaseziya da yake zaune a fatar kowa, mai lafiya da marar lafiya. Shi ne yake da hannu a amosanin kai, shi ne kuma yake kawo kyasbi. Wannan yis ɗin ba ya iya ƙera kitsen da yake buƙata da kansa, sai ya ci daga maiƙon fata. Idan zafi da gumi da maiƙo suka haɗu, aka kuma rufe wajen ba iska, sai ya hayayyafa a cikin ramin gashi, ramin ya kumbura. Shi ya sa kurajen suke zama iri ɗaya, kowanne a bakin ramin gashi, kuma suka fi son goshi da ƙirji da baya inda maiƙo ya fi yawa. Finfus na gaskiya kuwa gauraye suke fitowa, manya da ƙanana, da masu farin baki da masu baƙin baki, kuma sun fi yin zafi a kan ƙaiƙayi.

To ku dubi abin da na yi wa kaina. Man zaitun ɗin da nake laftawa, ta ce a ɗakin gwaje-gwaje idan ana son yis ɗin nan ya tsiro, man zaitun ake zuba masa a kai. Abincinsa ne. Man kwakwa da man kaɗanya ma suna ɗauke da irin kitsen da yake ci. Doksisaikilin kuma bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa yis, don haka sai ya share masa abokan gasa a fata ya bar masa fili. Kirim ɗin daren nan marar suna, ta ce alamu sun nuna akwai sitiroyid a ciki, irin wanda ake sa wa a mayukan bilicin. Shi ne ya kwantar da ƙaiƙayin a makon farko har na yi ta yabo, alhali yana danne garkuwar fatar ne, yis ɗin yana ta yaɗuwa a ƙarƙashi. Abu uku aka ba ni, ukun duka suna aiki ne wa cutar. Wallahi da na tuna cewa da kuɗina na sayo su, sai in ji wani abu ya tokare min a wuya.

Sai maganar shamfun. Da ta rubuta min shi na ɗauka kuskure ta yi, har na ce Likita fuska ce fa, ba kai ba. Ta yi dariya ta ce ta sani. Yadda ta ce in yi: in jiƙa wajen, in murza shamfun ya yi kumfa a goshi da ƙirji da baya da kuma fatar kai, in bar shi minti 5 zuwa 10, sannan in ɗauraye. Barin nan shi ne aikin, don wanda ya shafa ya wanke nan take kamar sabulu ya yi asarar kuɗinsa. Kullum na mako biyu, daga nan a rage. Ta ce in ajiye duk wani mai, in daina shan ƙwayar nan, in riƙa cire kayan da suka jiƙe da gumi da wuri, in kuma canza hular da nake sawa a ƙarƙashin hijabi kullum, don man kitso yana bin ta ya sauko goshi.

Kwana huɗu ƙaiƙayin ya ɗauke. A kwana na 10 na shafa goshina da asuba na ji shi sumul, na tsaya ina sake shafawa kamar ba nawa ba. Zuwa ƙarshen mako na uku baya da ƙirji ma sun kwanta, amosanin da na yi shekaru ina fama da shi ya tafi a matsayin gyara. Kwalba ɗaya, kuɗinta bai kai rabin na haɗin can ba. A wannan lokacin da za a tambaye ni, cewa zan yi babu kamarsa.

Amma bari in faɗi nasa laifin, don yana da shi. Yana busar da fata sosai. Gefen hancina da bakina sai da suka yi ta saɓa, in na yi dariya in ji fatar tana ja, ga shi an hana ni mayukan da na saba. Da kyar na samu wani mai ruwa-ruwa marar maiƙo da likitar ta amince da shi. Idan kumfar ta shiga ido kuwa, za ki gane kurenki. Gashina ma ya yi tauri, mai kitso ta yi ta mita. Kuma minti 10 a tsaye a banɗaki da kumfa a jiki, yara suna buga ƙofa, ba ƙaramin aiki ba ne. Tabon da susa ta bar min bai taɓa su ba ko kaɗan. Baƙaƙen ɗigon suna nan a goshina har yau, sai a hankali suke dushewa, kuma duk sanda na kalle su a madubi mai haɗin nan nake tunawa, ba shamfun ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba ya raba ki da abin har abada. Da na ga na warke sai na ajiye kwalbar, na koma shafa man kaɗanyata. Damina ta shigo da ɗumin nan mai danƙo, cikin mako biyar sai ga 'yan kurajen sun leƙo a goshi, da ƙaiƙayinsu. Likitar ta riga ta gaya min, ni ce na yi kunnen ƙashi: yis ɗin mazaunin fata ne, ba a korar sa gaba ɗaya, rage shi ake yi. Yanzu sau ɗaya a mako nake yi, ranar Juma'a. Ta ce idan na shafawa ya gaza akwai na sha, irin su fulukonazol, amma wannan sai likita ya rubuta, saboda hanta da kuma masu juna biyu. Ni ban kai ga nan ba.

Wata ƙawata da ta ga sauyin ta ari kwalbar tawa ta yi mako biyu, babu abin da ya motsa. Nata manya ne masu zafi a haɓa, suna tashi duk sanda al'adarta ta kusa, ba sa ƙaiƙayi. Finfus ne na gaske, shamfun ba ruwansa da su, sai bushewar fuska da ta samu da kuma ƙorafin da ta sauke min. Akwai ma masu haɗa biyun a fuska ɗaya, su sai an bi kowanne da maganinsa.

Mai haɗin kuwa na tura mata duk abin da likita ta ce, har da hoton takardar. Ta karanta, ta yi kwana biyu ba amsa, sannan ta turo min cewa sabon kaya ya iso, wannan karon da man habbatus sauda a ciki, ko in ajiye miki ɗaya?