Baniya kalifa ta ƙarfe: abin da na gani a aikin bututun ban ruwa

Aikina haɗa injin ban ruwa da bututu a fadamun Argungu, kuma abin da ya sa na sayi baniya kalifa, wato ma'aunin kauri mai haƙora da ake rufewa a kan abin da za a auna, a kasuwar Birnin Kebbi shi ne rigimar "inci biyu". Manomi zai ce maka bututunsa inci biyu ne, ka kawo soket, ya ƙi shiga. Na ƙarfe mai wannan suna kaurinsa ta waje milimita 60.3 ne, na roba kuwa da yawa milimita 63 ne. Tef ba ya raba wannan gardama da kyau.

Tawa mai tsawon milimita 150 ce, an rubuta 0.02 a jikinta, wato kowane ɗan layi na ƙaramin ma'aunin da ke zamewa 0.02 ne na milimita. Ga yadda na auna wani bututun ƙarfe. Na goge tsatsa, na rufe haƙoran baniyar a kansa har suka taɓa ba tare da na matse ba, na ɗaure ɗan sukurun sama. Sifilin ƙaramin ma'auni ya wuce layin 60 kaɗan, bai kai 61 ba, ke nan milimita 60 cif. Sai na bi ƙananan layukan ina neman wanda ya yi daidai da wani layi na babban ma'auni, su zama kamar layi ɗaya. Na same shi a layi na farko bayan lamba 3. Lamba 3 ita ce 0.30, ɗan layin ya ƙara 0.02, jimla 60.32.

Yaran shago sun fi faɗuwa a wuri ɗaya: su karanta daga bakin ƙarfen da ke zamewa maimakon daga sifili, sai awo ya ragu da 'yan milimita. Kallon karkace ma yana sa layin da ba shi ba ya yi kamar ya dace. Idan kana shakka, duba layuka biyu da ke gefensa, dukansu za su ɗan kauce zuwa ciki.

Ba ta cin batir, wannan ya yi mini. Amma rubutunta siriri ne ƙwarai, da magariba ta gabato sai da tocila. Ƙurar hunturu kuma tana shiga tsakanin haƙoran, don haka kullum nakan goge, in rufe, in tabbatar sifili ya hau kan sifili kafin in fara.

Haƙoranta gajeru ne, kusan milimita 40. Bututun da ya kai inci uku ko ya haura ba sa kaiwa tsakiyarsa ta gefe, sai dai ka auna ta baki. Na roba da ya kwana cikin rana yakan lotse, shi ya sa nake auna shi, in juya, in sake aunawa a gicciye.