Isotiretinoyin ko doksi, ga mai shirin aure

"'Yan uwa ƙurajen fuska sun ishe ni, manya ne masu ruwa suna barin tabo. An ce ko isotiretinoyin ko doksi, wanne zan sha? Bikina saura wata huɗu."

Yar uwa ni isotiretinoyin ne ya raba ni da nawa. A da ko sallah zan yi sai goshina ya yi zafi wajen sujada, amma wajen wata na uku da farawa na daina ganin sabon ƙurji, maiƙon fuskar nan ya ƙafe gaba ɗaya, don aikinsa kenan, yana ƙanƙantar da ƴan jakunkunan da ke fitar da maiƙo a fata. Doksi kuwa, wato doksisaikilin mai kashe ƙwayoyin cuta, na sha, ya ɗan lafa, ina dainawa suka dawo.

Amma fa isotiretinoyin da lissafi yake tafiya. Likitan fata zai auna nauyinki, ana so jimillar abin da za ki sha ya kai wajen miligiram 120 a kowane kilo. Mai kilo 60 miligiram 7,200 kenan, in kina shan 40 kullum sai ya ɗauke ki wata shida. To ke saura wata huɗu, kin ga za ki shiga ɗaki kina tsakiyar sha, kuma nan ne matsalar, saboda in ciki ya shiga ko na sati biyu ne maganin yana iya lalata halittar jariri, kunne da zuciya da ƙwaƙwalwa, ko a yi ɓari. Shi ya sa ake gwajin ciki kafin farawa da kowane wata, kuma dole tsarin iyali mai ƙarfi tun wata ɗaya kafin ki fara har wata ɗaya bayan kin gama. Amarya kuwa kin san dangin miji, ido suke zubawa.

Akwai gwajin jini na hanta da na kitse kafin farawa, a maimaita bayan wata ɗaya ko biyu. Leɓe zai tsage, da hunturu har haɓo nake yi, basilin ba ya barin jakata. Kar a haɗa isotiretinoyin da doksi ko ƙwayar bitamin A, kuma in an ji ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko baƙin ciki mara dalili a koma wurin likita a ranar.

Sannan ki kiyayi masu sayarwa a waya, suna ba ki kwali babu lambar NAFDAC babu tambayar ko kina da ciki, wasu ma man bilicin suke haɗa miki.

Ni dai shawarata ki je likita ya ɗora ki kan doksi da man shafawa wata uku, ki ajiye shi kafin biki don shi ma ba na mai ciki ba ne. Isotiretinoyin ki bari sai kun zauna da angon kun yarda babu ciki na aƙalla wata takwas.