Kafin ka sayi farantin sola, duba abin da zai bayar a zafin bazara

Lambar wat da ake rubutawa a bayan farantin sola, a ce 550, a ɗakin gwaji aka auna ta, inda aka riƙe zafin ƙwayoyin farantin a digiri 25, aka haska masa haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita. Wannan yanayin shi ne kake ganin an rubuta STC a jikin sitika. To, faranti a kan rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ba ya zama a digiri 25 da tsakar rana. A watan Afrilu iskar gari kaɗai tana wuce digiri 40, shi kuwa farantin baƙi ne, yana kwance yana shan rana tun safe. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ya sauka a kansa ne ke zama lantarki, mafi yawan sauran zafi yake komawa a jikinsa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ranar da ta fi ƙuna ita ce ta fi cika batir. Haske farantin yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙwayoyin da ke cikinsa na silikon ne, kuma idan silikon ya ɗau zafi, boltej ɗinsa yana sauka, kimanin milibolt 2 a kowace ƙwaya kan kowane digiri guda. Amfiya tana ɗan ƙaruwa da zafi, amma ƙarin ba ya kai wa ko kusa da abin da boltej ya rasa. Tunda wat shi ne boltej sau amfiya, jimillar ƙasa take yi. Wannan ragin na ɗan lokaci ne, da faranti ya huce ƙarfinsa zai dawo, don haka kada a ɗauka lalacewa ce.

Kowane kamfani na gaskiya yana rubuta yawan wannan ragi a takardar bayanin farantinsa. Ka nemi layin da aka rubuta Temperature Coefficient of Pmax, za ka ga lamba kamar -0.35%/°C. Ma'anarta ita ce, duk digiri ɗaya da ƙwayar ta haura 25, farantin zai rasa kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsa. Kusa da shi akwai wani layi, NOCT ko NMOT, wanda yawanci ke tsakanin digiri 42 da 45. Shi kuma yana nuna zafin da ƙwayar ke kaiwa idan iska tana digiri 20, haske yana wat 800, ga 'yar iska tana kaɗawa. Da waɗannan biyun kana iya ƙiyasta zafin farantin a garinku da ƙarfin da zai rasa. A lissafin nan Tcell zafin ƙwaya ne, Tair zafin iska, G kuma ƙarfin haske a wat kan kowace murabba'in mita:

```
Tcell = Tair + (NOCT - 20) / 800 × G
```

Mu ɗauki azahar ta Afrilu a Sakkwato, iska digiri 42, sama tarwai, haske wat 1000, faranti mai NOCT 45. Lissafin zai ba da ƙarin digiri 31 a kan na iska, wato ƙwayar tana wajen digiri 73. Ta haura na ɗakin gwaji da digiri 48 ke nan. Yanzu a jera faranti huɗu, a ƙaddara dukkansu 550 aka rubuta musu, don kwatancen ya fito sarai.

Tsohon yayi, shuɗin nan mai ƙyalli kamar fasasshen gilashi da ake kira poli, lambarsa tana wajen -0.41. A wannan zafin zai rasa kusan kashi 20 cikin ɗari, ya dawo wat 442. Baƙin mono mai fasahar PERC, wanda ya cika kasuwa a 'yan shekarun nan, yana wajen -0.35, sai ya rasa kusan kashi 17, ya ba da 458. TOPCon, wanda yanzu manyan kamfanonin Sin suka fi bugawa, yana wajen -0.30, zai tsaya a 471. Sai HJT mai -0.25 ko kusa da haka, wanda zai ba da 484. Wannan duk kafin a cire abin da ƙura da waya da inbata ke ci.

Abu biyu nake so mai saye ya lura da su a nan. Na farko, babu wanda ya tsira a cikinsu. Mafi kyawun ma ya zubar da wat 66, don haka duk ɗan kasuwar da ya ce maka farantinsa ba ya jin zafi, cika baki ne kawai. Na biyu, tazarar da ke tsakanin PERC da TOPCon wat 13 ce a faranti guda, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, kuma a lokacin da zafi ya kai ƙarshe ke nan. Da hantsi da la'asar tazarar ta fi haka ƙanƙanta. Saboda haka idan kuɗinsu ya yi kusa, ka ɗauki TOPCon ba tare da dogon tunani ba. Idan kuwa HJT ya fi su tsada sosai, kuma kana da fili a rufi, ƙara faranti ɗaya na mai sauƙin zai ba ka wutar da ta fi wadda bambancin zai ba ka. HJT yana biyan kuɗinsa ne a wurin wanda rufinsa ya yi ƙanƙanta, kamar mai shago a cikin kasuwa da ba shi da inda zai ƙara komai. Poli kuwa, yawancin wanda ke yawo yanzu tsoho ne ko na hannu, ba zan ba da shawararsa ba sai in araharsa ta yi yawa kuma an gwada shi a gabanka.

Amma duk wannan lissafi ya dogara ne da gaskiyar takarda. A kasuwanninmu ana samun faranti da aka manna wa sitikar da ba tasa ba. Idan mai shago ya kasa kawo maka takardar bayanin da lambar samfurinta ta yi daidai da ta jikin farantin, ka ɗauka ba ka san lambar zafinsa ba, kuma wataƙila ko wat ɗin ma ba ka sani ba.

A ganina, yadda aka ɗora farantin ya fi irinsa tasiri. Lambar NOCT a kan faranti mai iska a bayansa aka auna ta. Idan mai haɗawa ya kwantar da shi a kan kwano kai tsaye, kamar yadda ake yi don gudun kuɗin ƙarfe ko tsoron guguwar farkon damina, zafin kwanon zai taru a ƙarƙashinsa babu hanyar fita, kuma yana iya ƙara masa digiri 10 ko fiye. Digiri 10 a kan PERC kashi 3.5 ne, wato ya haura duk ribar da ka biya kuɗi ka samu a TOPCon. Ka sa a bar tazarar akalla santimita 10 zuwa 15 tsakanin faranti da kwano, gefen ƙasa da na sama a buɗe, don iska mai zafi ta samu ta hau ta fice. Wanda ke da fili a tsakar gida ko a gona, kamar masu famfon ban ruwa, ya fi kowa sa'a, domin faranti a kan tsayayyen ƙarfe yana shan iska ta ko'ina. Watsa wa faranti ruwa da tsakar rana yana ɗaga wutar na ɗan lokaci, amma ruwan sanyi a kan gilashi mai digiri 70 kasada ce, ga ruwan rijiyar burtsatse da ke barin farin tabo. Wanki da sassafe ake yi.

Inda zafi ya fi yi wa mutane illa ba tare da sun gane ba shi ne wajen haɗa faranti da na'urar caji. Batirin dalma mai bolt 24 yana bukatar kusan bolt 28.8 kafin ya cika. Akwai faranti mai ƙwaya 60 wanda Vmp ɗinsa, wato boltej ɗin da yake bayarwa lokacin da yake aiki da cikakken ƙarfinsa, ke wajen bolt 31. A takarda ya wadatar, tunda 31 ta fi 28.8. Amma idan ya kai digiri 70, wannan boltej yana sauka zuwa wajen 25 da ɗoriya. Idan kwanturolarka PWM ce, wadda ke haɗa faranti da batir kai tsaye, batirin zai riƙa hawa har ya wuce inda farantin ke da ƙarfi, daga nan amfiya ta faɗi, caji ya yi ta jan ƙafa a daidai lokacin da rana ta fi haske. Maigida sai ya zargi batir, ya je ya sayi sabo, shi ma ya mutu da wuri saboda ba ya cika. Mai ƙwaya 72, wanda Vmp ɗinsa ke wajen 37, zai sauka zuwa kusan 30 a wannan zafin, don haka shi ne ya dace da PWM a kan bolt 24. Idan kuma kwanturolar MPPT ce, sai a jera faranti biyu ko fiye a layi ɗaya boltej ya haɗu, ita kuma ta sauke shi daidai da bukatar batir. MPPT ba ta hana ragin zafi, amma tana kwasar duk abin da ya saura.

Masu inbata mai haɗe da caji su ma su duba. A jikinta an rubuta iyakar boltej ta ƙasa da ta sama da take karɓa daga faranti. Ka cire kusan kashi ɗaya cikin biyar daga jimillar Vmp na layinka, ka tabbata har yanzu tana sama da iyakar ƙasa, in ba haka ba za ka ga caji yana ɗaukewa da azahar. Ta ɗaya gefen kuma, sanyi yana ɗaga boltej. Da asubar hunturu a Jos ko Agadas, Voc, wato boltej ɗin faranti lokacin da ba a jan wuta daga gare shi, na iya haura na sitika da kashi 4 ko 5 cikin ɗari, kuma wuce iyakar sama shi ke ƙona na'ura. Kada a cika layin har bakin iyaka.

Idan ka riga ka saka, kana zargin wutar ta ragu, allon MPPT zai nuna maka mai laifi. Ka duba boltej da amfiyar faranti da ƙarfe 9 na safe, ka sake dubawa da ƙarfe 1, a lokacin da batir bai cika ba, domin idan ya cika na'urar da kanta take rage ja. In amfiya ta hau yadda ya kamata amma boltej ya sauka, zafi ne. In boltej yana nan amma amfiya ta yi ƙasa, to haske ne bai isa ƙwayar ba, sai a nemi ƙura ko hazo ko inuwar tankin ruwa.

Wajen yanke shawarar yawan farantin da za ka saya, ka yi lissafi da Afrilu, domin a lokacin ne fanka ke kwana tana juyi, firji ba ya hutawa, kuma a lokacin ne zafi ya fi rage wa faranti ƙarfi. Idan bukatarka da tsakar rana wat 2000 ce, faranti huɗu na 550 sun isa a takarda, amma a zafin da muka lissafa PERC huɗu za su ba da 1832, TOPCon huɗu 1884, HJT huɗu ma 1936, tun ba a zo kan ƙura ba. Biyar za ka saya, kowane iri ka zaɓa.