Canza launin ido: Hue/Saturation ko leyar Color?

"Salam 'yan'uwa. Wata amarya ta ce in mayar mata da idonta ruwan zuma kaɗan a hoton kamu. Na gwada a Photoshop, sai idon ya koma kamar na 'yar tsana, ƙyallin ciki ma ya rine. Hue/Saturation ya kamata in bi, ko in shafa launi a sabuwar leya in sa ta a Color? Wanne ya fi barin ido yadda Allah ya yi shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dukkansu na yi aiki da su, kuma a idon mutanenmu na fi karkata ga leyar Color. Amma kafin a kai ga zaɓi akwai abin da ke kayar da hanyoyin biyu tare, shi ne duhun idon.

Ɗauki Eyedropper ka taɓa baƙin idon amaryar, can ƙasa da ƙwayar tsakiya, ka duba Info. A ido mai duhu za ka iya ganin wani abu kamar R 48, G 32, B 24. Wuri mai duhu haka ba ya riƙe launi. Duk yadda ka ja Hue ba za ka ga komai ba, daga nan sai hannu ya kai ga Lightness, kuma a nan ɓarnar take farawa. Lightness yana zuba fari ne a kan komai daidai wa daida, ƙwayar tsakiya ta yi toka-toka, zare-zaren idon su dushe. Ina kyautata zaton idon 'yar tsanar da ka samu daga nan ya fito. Bar shi a 0.

Abin da ake fara yi shi ne Curves. Ɗaga tsakiyar layin sama kaɗan, kada ka taɓa ƙarshensa na ƙasa, ka sa leyar a Luminosity don kada jan da ke cikin idon ya yi ƙarfi. Danna Ctrl+I a kan Layer Mask ya koma baƙi, sannan ka shafa fari da burushi mai laushi, Flow wajen 10%. Kada ka shafe idon duka. Haske yana shiga ta gefe ɗaya ne ya haska ɗaya gefen: idan ƙyallin fitila yana wajen ƙarfe goma na agogo, wajen ƙarfe huɗu ne idon zai fi haske. Can za ka fi shafawa, kamar jinjirin wata. Saman idon, inda fatar ido ke yin inuwa, ka bar shi da duhunsa.

Yanzu hanyoyin biyu.

Hue/Saturation yana da fuska biyu. Idan ba ka danna Colorize ba, yana juya launukan da ke wurin ne kawai, don haka bambancin da ke tsakanin zare da zare yana nan. Wannan yana kyau a ido mai haske tun asali. A ido mai duhu kuwa, musamman hoton JPEG, abin da yake juyawa har da dattin kyamara, sai ka ga ɗigo-ɗigon kore da shunayya sun fito da zarar ka ɗaga Saturation. Idan ka danna Colorize ɗigon sun tafi, amma idon ya zama launi ɗaya tak daga tsakiya har gefe. Ga ruwan zuma, Hue tsakanin 30 da 38, Saturation tsakanin 20 da 30 sun isa. Amfaninsa sauri ne da sauƙin gyara: amarya ta ce a ɗan ƙara, ka ja lamba ɗaya ka gama, kuma idanun biyu za su fito launi guda ba tare da wahala ba.

Leyar Color tana ɗaukar launin da ka shafa, ta bar haske da duhun hoton da ke ƙasa yadda suke. Zare-zaren ido kuwa haske ne da duhu, shi ya sa ba sa ɓacewa. Abin da ya sa nake son ta shi ne kana iya sa launi fiye da ɗaya. Kalli ido mai ruwan zuma na gaske kusa-kusa: kewayen ƙwayar tsakiya ya fi ja-ja, tsakiyar fili ya fi rawaya, gefe ya koma duhu. Sai in shafa ruwan ƙasa mai ja a ciki, ruwan zuma a tsakiya, in bar gefe ba taɓi, sannan in sauke Opacity zuwa wajen 40%. Aibinta shi ne hannu: tana cin lokaci, kuma cikin sauƙi ido ɗaya yake fin ɗaya launi. Maganin wannan shi ne duk shafar da ka yi a dama ka yi irinta a hagu nan take, kafin ka canza launin burushi.

Batun ƙyalli shi ne ya fi damun ka, kuma a nan babu hanyar da ta tsira ita kaɗai. Ƙyallin ba a cikin baƙin ido yake ba, a kan fatar gaba mai sheƙi yake, hoton fitila ne ko taga. Launinsa na fitilar ne, bai kamata ya canza don ido ya canza ba. Fari tas ba ya rinuwa a kowace hanya, amma gefen ƙyalli ba fari tas ba ne, haka ma hoton taga ko na labule da ke cikin ido, su ne suke shan launi. Danna leyar sau biyu Layer Style ya buɗe, ka je Blend If, layin Underlying Layer. Ja farin maɓallin zuwa hagu, riƙe Alt ka raba shi biyu, rabi ɗaya wajen 160, ɗaya wajen 210. Launin zai janye daga wurare masu haske a hankali, ba tare da yanke mai kaifi ba. Yi wa leyar Curves ma haka, in ba haka ba ƙyallin zai kumbura. Baƙin maɓallin kuwa ka yi hattara da shi: a ido mai duhu, idan ka ja shi ya wuce 30 zai iya cire launin daga idon baki ɗaya. Ƙwayar tsakiya gara ka goge ta da baƙin burushi a Layer Mask. Hoton taga mai rauni, wanda haskensa bai kai 160 ba, shi ma da hannu za ka bi shi.

Akwai baƙin zoben da ya raba baƙin ido da fari. Idan launi ya hau shi, ido yana zama kamar an sa gilashin nan mai launi da ake liƙawa a kan ƙwayar ido, idan ya tsallake zuwa fari kuma ya zama kamar mai shawara. Danna maɓallin \ ka ga inda shafar da ka yi a Layer Mask ta kai, ka tsaya kafin zoben. Ka kula da gashin ido da kwalli ma, don a hoton amarya sukan sauko kan saman idon.

Da ni ne da wannan hoton, Curves zan fara, sannan leyar Color, in bar Hue/Saturation sai ranar da hotuna suka yi yawa ko idon ya yi ƙanƙanta a hoto. Idan faɗin baƙin idon bai kai fiksel ɗari ba, ban ga amfanin launi fiye da ɗaya ba, don babu zaren da za a kare. Bayan ka gama, koma girman da za a kalli hoton a waya, ka kashe leyoyin ka kunna sau biyu ko uku. Idan idon ne ya fara fizgar kallonka kafin fuskar, rage Opacity da kashi goma ka sake dubawa. Kuma idan hotunan kamun da yawa ne, ka rubuta lambobin da ka tsaya a kansu, don kada idonta ya zama zuma a shafi ɗaya na albam, baƙi a shafi na gaba.