Riƙon raket uku a bugun fohan: wanne ya dace da wane bugu

"'Yan'uwa, na fara buga tanis, kullum ƙwallona tana wuce layin baya. An ce matsalar riƙo ce. Tsakanin istan, semi-westan da kwantinental, wanne zan riƙe?"

Malam, fara duba mariƙin raket ɗinka. Fuska takwas gare shi. Ka tsayar da raket a kan gefensa, fuskar mariƙin da ke sama ita ce 1, sai ka ƙirga zuwa dama (bahago ya ƙirga zuwa hagu). Inda gaɓar tushen ɗan yatsanka manuni ta zauna, nan ne sunan riƙon. A kan 2 kwantinental ne, a kan 3 istan, a kan 4 semi-westan.

Ina kyautata zaton kwantinental kake yi a fohan, wato bugun da tafin hannunka ke fuskantar ƙwallo, domin shi ke barin fuskar raket tana ɗan kallon sama, da ka ƙara ƙarfi sai ƙwallo ta tashi. Kada ka yar da shi. Da shi ake sabis, da tare ƙwallo a gaban raga kafin ta taɓa ƙasa, da bugun yanka, da sauke ƙwallo dab da raga. Tsohon gwanin tanis John McEnroe ya yi fohan da shi, amma a zamanin da ƙwallo ba ta tashi kamar yanzu.

Ainihin zaɓin tsakanin sauran biyun yake, kuma tsayin ƙwallo ne ke raba gardama. A ce kana layin baya, ƙwallo ta dira ta taso har kafaɗarka. Mai semi-westan daɗi yake ji: fuskar raket ɗinsa ta riga ta rusuna, sai ya goge bayan ƙwallon daga ƙasa zuwa sama, ta tafi tana juyi, ta haye raga da tazara, ta faɗo cikin fili. Bugun Rafael Nadal ke nan. Mai istan kuwa sai ya ja da baya ko ya tare ta tun tana tasowa, in ba haka ba hannu ya gaji ƙwallo ta fita.

To a juya lamarin, a yanko maka ƙwallo gajera ƙasa da gwiwa. Istan zai kwashe ta cikin sauƙi, ya aika ta a miƙe. Mai semi-westan in bai durƙusa sosai ba, kuma bai tare ta a gabansa ba, raga za ta ci. Yawan buga raga a ƙwallayen da suka zo ƙasa-ƙasa ita ce alamar wannan matsalar.

Ni dai ga sabon shiga istan nake zaɓa. Riƙo ne kamar kana musabaha da raket, tafin hannu na bayan ƙwallo, kuma mataki ɗaya ne tsakaninsa da kwantinental idan ka ruga gaban raga. Roger Federer a kusa da shi ya yi wasansa. Idan ka koma kan 3 kuma ƙwallaye masu tsayi ne kaɗai ke ba ka wahala, lokacin sai ka murɗa hannu zuwa 4.